Tantance halayen tsarin lissafin bambanci

Lissafin bambanci wata ƙa'ida ce ta lissafi da ke haɗa abin da tsari ke fitarwa, y[n], da abin da ake shigar masa, x[n], inda n ke nufin lambar mataki a lokaci. A fannin sarrafa sigina ana bincika halaye huɗu na irin wannan tsari: miƙaƙƙen hali, rashin sauyawa da lokaci, bin sababi da kuma daidaito. Misalin da aka bi a nan shi ne:

y[n] = 0.5y[n−1] + x[n]

Miƙaƙƙen hali

Tsari yana da miƙaƙƙen hali idan ninka shigarwa yana ninka fitarwa daidai gwargwado, kuma jimlar shigarwa biyu tana ba da jimlar fitarwarsu. A ɗauka tsarin ya fara a huce, wato fitarwa sifili ce kafin shigarwa ta iso. Idan x[0] = 2 kuma sauran sifili ne, fitarwa za ta zama 2, 1, 0.5. Idan aka mai da x[0] = 4, za a samu 4, 2, 1, wato ninki biyu.

Amma lissafin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an san yadda tsarin ya fara. Idan aka kafe y[−1] = 4, to x[0] = 2 zai ba da y[0] = 4, yayin da x[0] = 4 zai ba da 6 maimakon 8. Miƙaƙƙen hali ya rushe ke nan.

Rashin sauyawa da lokaci

Idan aka jinkirta shigarwa da wasu matakai, dole fitarwa ta jinkirta da adadin matakan ba tare da ta canza siffa ba. Misalin ya cika wannan sharaɗi idan ya fara a huce, domin 0.5 ba ya dogara da n. Tsarin y[n] = n·x[n] kuwa bai cika ba, saboda abin da ake ninkawa da shi yana canzawa a kowane mataki.

Bin sababi

Tsari mai bin sababi ba ya buƙatar shigarwar da ba ta iso ba tukuna. Misalin yana amfani da x[n] da y[n−1] kawai, don haka ya cika sharaɗin. Tsarin y[n] = x[n+1] bai cika ba.

Daidaito

Tsari yana da daidaito idan kowace shigarwa mai iyaka tana ba da fitarwa mai iyaka. Ga tsari mai miƙaƙƙen hali maras sauyawa da lokaci, ana shigar da 1 sau ɗaya a n = 0, sannan a tara girman duk abin da ya fito. A misalin, 1 + 0.5 + 0.25 + … yana kaiwa 2, saboda haka fitarwa ba za ta wuce ninki biyu na shigarwa mafi girma ba.

Idan aka maye gurbin 0.5 da a, daidaito yana tabbata ne kawai idan |a| < 1. Idan a = 1, shigar da 1 a kowane mataki yana ba da 1, 2, 3, 4, … ba tare da iyaka ba.