Taken Yaudara Da Take Mai Jan Hankali: Yadda Tashar YouTube Ke Rasa Amincewar Masu Kallo

Taken yaudara shi ne taken da ake yi wa bidiyo ko labari domin a sa mutum ya latsa, alhali abin da ke ciki bai kai abin da taken ya yi alkawari ba, ko ma babu shi kwata-kwata. Take mai jan hankali na gaskiya shi ma yana tayar da son sani, sai dai idan aka shiga ana tarar da amsar tambayar da ya jefa. Ma'aunin da ke raba su shi ne ko an cika alkawari, kuma a YouTube akwai alƙaluman da ke nuna hakan ƙarara.

Abin da mai kallo ke gani kafin ya latsa

Duk bidiyon da aka ɗora yana tafiya ne da bayanan da ke gabatar da shi. Akwai take, wanda YouTube ta ƙayyade kada ya wuce haruffa 100. Akwai hoton bango, wato ƙaramin hoton da ke bayyana tare da taken. Akwai kuma bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, wanda ke iya kaiwa haruffa 5,000, sai kalmomin neman da mai tasha ke liƙa masa.

Take da hoton bango su ne suka fi nauyi, domin da su mai kallo ke yanke shawara cikin ɗan lokaci kaɗan. A Nijeriya shawarar ba ta lokaci kaɗai ba ce, domin da kuɗinsa ya sayi datar da zai kalla. Wanda aka yaudara ya yi asarar abu biyu ke nan, shi ya sa fushinsa ba ya saurin hucewa.

Inda son sani ke komawa yaudara

A shekarar 1994, masanin halayyar ɗan Adam da tattalin arziki George Loewenstein na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka ya bayyana son sani a matsayin giɓin da mutum ke ji tsakanin abin da ya sani da abin da yake son ya sani. Kowane take mai kyau yana buɗe irin wannan giɓi, kuma babu laifi a ciki. Laifin yana zuwa ne idan bidiyon bai cike giɓin ba.

Kamfanin Facebook, lokacin da ya sanar da rage yaɗuwar irin waɗannan kanun a shekarar 2016, ya fayyace alamomi biyu. Ta farko ita ce ɓoye bayanin da mai karatu ke buƙata kafin ya san me labarin ya ƙunsa. Ta biyu ita ce zuzuta abu har ya sa mutum tsammanin abin da babu shi.

Masu kallon tashoshin Hausa sun saba da duka biyun. Akan ga take ya fara da salati ko kalmar ta'aziyya, an ɗora hoton wani fitaccen jarumin Kannywood a gefe, idan an shiga sai a tarar wani ne daban ya rasu, ko kuma wani yanki ne na fim. Akan kuma rubuta "yanzu-yanzu" a kan bidiyon da ya shekara biyu. A nan kowace kalma za ta iya zama gaskiya ita kaɗai, amma haɗa ta da hoton ya gina ƙarya a zuciyar mai kallo.

Dalilin da ya sa yawan latsawa ba ya isa

A farkon shekarun YouTube, yawan latsawa ne ke ɗaga bidiyo, abin da ya sa hotunan yaudara suka yi yawa. A shekarar 2012 kamfanin ya sauya tsari, ya koma ba da fifiko ga tsawon lokacin da mutane suka ɗauka suna kallo. Daga baya ya ƙara da tambayar wasu masu kallo su ba bidiyo maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma a bayanin da ya fitar a shekarar 2021 ya ce kallon da aka ba tauraro huɗu ko biyar ne kawai yake ƙirgawa a matsayin mai daraja.

Mai tasha zai iya ganin tasirin wannan a YouTube Studio, a sashen Analytics. Ma'auni na farko shi ne Impressions click-through rate, wato cikin mutum ɗari da aka nuna wa hoton bango, nawa ne suka latsa. YouTube ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100. Ma'auni na biyu shi ne Audience retention, layin da ke nuna inda mutane suka tsaya da inda suka fice, har da adadin waɗanda suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko.

Ma'aunan biyu tare ake karanta su. Idan latsawa ta yi yawa amma layin ya faɗi warwas a daƙiƙun farko, alama ce cewa mutane sun zo neman wani abu ba su tarar da shi ba. Idan kuwa latsawa ta yi kaɗan amma waɗanda suka shiga suna zama, bidiyon na da kyau, take ko hoton ne ke buƙatar gyara.

Misali daga labarin farashin hatsi

A ɗauka wata tasha ta haɗa bidiyo na minti 8 kan farashin masara a kasuwar Dawanau da ke Kano, inda buhu ya ɗan sauka a wannan mako. Alƙaluman da ke biye na misali ne kawai, domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

Take na farko ya ce: "Innalillahi! Ku kalli abin da ya faru a Dawanau yau", da hoton cincirindon mutane. Take na biyu ya ce: "Masara ta sauka a Dawanau: abin da ya jawo, da ko zai ɗore", da hoton buhuna da farashin a rubuce.

A ce an nuna kowanne ga mutum 10,000. Take na farko ya jawo kashi 12 cikin 100, wato mutum 1,200. Da yake sun shigo ne da zaton gobara ko rikici, da sun ji ana batun farashi sai su fita, matsakaicin kallonsu ya tsaya a daƙiƙa 40. Jimillar kallon ta zama minti 800, wato awa 13 da minti 20. Take na biyu ya jawo kashi 6 kacal, wato mutum 600, amma 'yan kasuwa ne da manoma da magidanta da batun ya shafa, kowannensu ya ɗauki kimanin minti 4. Jimilla ta zama minti 2,400, wato awa 40. Rabin mutanen sun samar da ninki uku na lokacin kallo.

Bambancin ya fi fitowa ga mai neman shiga tsarin raba kuɗin talla na YouTube, wanda ɗaya daga cikin hanyoyin shigarsa ita ce samun masu bibiya 1,000 da kallon awa 4,000 cikin wata 12. Idan kowane kallo daƙiƙa 40 ne, sai an kalla sau 360,000 kafin a kai. Idan minti 4 ne, sau 60,000 ya wadatar.

Take na biyu bai fallasa komai da komai ba. Ya faɗi kayan, ya faɗi kasuwar, ya faɗi abin da ya faru, sannan ya bar tambaya biyu a buɗe: me ya jawo, kuma zai ɗore? Wannan shi ne son sani na gaskiya, muddin bidiyon ya amsa su.

Yadda ɓarnar ke taruwa

Illar yaudara ba ta tsayawa a kan bidiyo ɗaya. Mai kallon da ya ji an yi wasa da hankalinsa yana da damar zaɓar Don't recommend channel, daga nan YouTube ta daina kawo masa tashar a shafinsa na farko. Wanda bai yi haka ba ma yakan riƙe sunan tashar, ya riƙa tsallake ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Hakan na haifar da wata matsala. Idan latsawa ta fara raguwa, mai tasha kan ƙara wa take gishiri domin ya dawo da ita, abin da ke ƙara korar sauran masu bibiyarsa. Ana gane tasha ta shiga wannan hali idan masu bibiya na da yawa a rubuce amma sabon bidiyo ba ya samun kallo daga gare su, masu dawowa suna raguwa wata bayan wata a sashen Audience, wurin sharhi kuma ya cika da ƙorafin an ci wa mutane data. Ranar da irin wannan tasha ta samu labari na gaskiya mai muhimmanci, kalmomin da za ta sanar da shi sun riga sun rasa nauyi.

Abin da dokokin YouTube suka tanada

Ƙa'idojin YouTube sun haramta amfani da take ko hoton bango ko bayani domin sa mutane su zaci bidiyo ya ƙunshi abin da bai ƙunsa ba. Haka kuma sun hana cusa tarin kalmomin nema a cikin bayanin ƙasa. A karon farko yawanci gargaɗi ake yi. Idan aka sake, hukunci na farko kan hana ɗora bidiyo na mako ɗaya, na biyu cikin kwana 90 ya hana na mako biyu, na uku cikin kwana 90 kuma ya kai ga rufe tashar.

A watan Disamban 2024 kamfanin ya sanar da tsaurara mataki kan yaudarar da ta wuce gona da iri, musamman a labaran da ke faruwa, inda ya fara da ƙasar Indiya. Misalin da ya bayar shi ne take ya ce shugaban ƙasa ya yi murabus alhali bidiyon bai yi maganar ba.

Sai dai yawancin taken yaudara ba ya kai matakin da za a cire bidiyo. Hukuncinsa daga masu kallo yake fitowa, kuma babu inda ake ɗaukaka ƙara a kansa.

Gwajin take kafin wallafawa

Hanya mafi sauƙi ita ce mai tasha ya nuna wa wani take da hoton bango kawai, ya tambaye shi me yake zaton zai gani. Idan amsarsa ta saɓa wa abin da ke cikin bidiyon, taken ne ke da matsala. Ya kamata kuma abin da aka yi alkawari ya fara bayyana cikin daƙiƙa 30 na farko, maimakon doguwar gaisuwa da roƙon a bi tasha.

Tun shekarar 2024 YouTube ta buɗe wa masu tashoshi Test & Compare, wanda ke ba da damar gwada hoton bango har guda uku a kan bidiyo ɗaya. Hoton da ake ɗauka ya yi nasara shi ne wanda ya samar da kaso mafi girma na lokacin kallo, ko da wani ya fi shi jawo latsawa.