Hon ɗin mota da masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya a Sassumbrum ko Magarya ranar kasuwa ya san abin. Mota ta taho a guje direba ya danne hon, ka ji ƙarar siririya. Tana gifta ka sai ƙarar ta faɗo, ta yi kauri, kamar an sassauta tsarkiyar kalangu. Yara kan kwaikwayi wannan da baki idan suna wasan babur. Direban kuwa da za ka tambaye shi, cewa zai yi hon ɗinsa bai sauya ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Wanda ya fara bayanin dalilin a rubuce shi ne Christian Doppler, malamin lissafi, haifaffen Salzburg a ƙasar Ostiriya. A watan Mayun 1842 ya gabatar da takardarsa a birnin Prague. Abin dariyar shi ne, hankalinsa ba ya kan sauti sosai. So yake ya bayyana dalilin da taurari suka bambanta launi, ya ce tafiyarsu ce ke jawo hakan. A nan ya yi kuskure, don zafin tauraro ne ke ba shi launi. Amma ƙa'idar da ya kafa ta tsaya daram.

A lokacin babu mota, doki kuma bai da saurin da zai fito da abin sarai. Jirgin ƙasa ne ya ba da dama. A 1845 wani matashi ɗan Holan, Buys Ballot, wanda shi kansa yana shakkar maganar, ya samu jirgi a layin da ke tsakanin Utrecht da Maarssen. Gwajin farko a watan Fabrairu, ƙanƙara ta ɓata shi. A watan Yuni ya sake: ya ɗora masu busa ƙaho a buɗaɗɗen tarago, ya jera wasu a gefen layi, kowa aka ce ya riƙe murya guda. Kunnen makaɗa shi ne ma'auninsa. Suka shaida cewa busar takan hau idan jirgi na tahowa, ta sauka idan ya wuce.

Ga yadda malam zai lissafa shi a allo. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. Da zafin bazara yakan ɗan fi haka. A ce hon na karkarwa sau 400 a daƙiƙa. Tsakanin kowane kaɗawar iska da na bayansa akwai 340 ÷ 400, wato santimita 85. To, mota na gudun kilomita 72 a awa, mita 20 ke nan a daƙiƙa. Kafin hon ya saki kaɗawa na gaba, motar ta matsa santimita 5. Don haka a gabanta tazarar ta koma 80, a bayanta ta zama 90. Wanda ke gaba yana karɓar kaɗawa 425 a daƙiƙa, wanda aka bari a baya kuwa kusan 378. Direba yana tafiya tare da hon ɗinsa, 400 ɗinsa yake ji.

Idan motar ce a tsaye, kai ne ka nufo ta a kan babur da wannan gudun, tazarar na nan 85, sai dai kana tarar kaɗawar da sauri. Za ka ji kusan 424, bayan ka wuce kusan 376. Bambancin kaɗan ne, amma lissafin biyu ba ɗaya ba ne.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne haɗa ƙarfin sauti da kaifinsa. Sukan rubuta cewa ƙarar tana ƙara hawa yayin da mota ke matsowa. Ƙarfinta ne ke ƙaruwa. Muddin gudun bai sauya ba, kuma motar kusan kai ta nufo, kaifin na nan wuri guda har sai ta zo giftawa, sannan ya faɗo. Ni a ganina ɗan Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba, tunda da hawa da saukar murya yake raba kukan yaro da kukar miya, ko an faɗa da ƙarfi ko a raɗa.

Maganar Doppler ba ta samu karɓuwa nan take ba. Joseph Petzval ya yi ta sukarta a Vienna, Doppler kuma ya rasu a Venice a 1853 gardama ba ta mutu ba. A 1860 Ernst Mach ya ɗaura abin busa a bakin sanda mai juyawa, aka ji muryar na hawa tana sauka cikin ɗaki. Malamin da ba shi da ɗakin gwaji zai iya irin wannan: a kunna ƙara mai murya ɗaya a tsohuwar waya, a sa ta cikin safa, a ɗaure da igiya mai ƙwari, a wulwula a saman kai, yara na tsaye can nesa suna saurare.