Sunan garinku daga ina ya fito? Darasi daga Sakkwato da Shagari

Yau zan fara ne da amsa laifina. Na ɗauki shekaru ina gaya wa mutane cewa sunan Sakkwato daga kalmar Larabci "suƙ" ya fito, wato kasuwa. A rubuce na gani, na haddace, na riƙa maimaitawa ko'ina. Ran nan muna zaune a nan wajenmu, yankin Mandera tsakanin Boɗinga da Shagari, sai wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, to idan suƙ ce kasuwa, shi kwato ɗin mene ne?" Wallahi shiru na yi. Tambayar nan ce ta sa na koma na bi maganar daga tushe, kuma yadda na bi ta shi ne abin da nake son mu tattauna, don kai ma ka yi wa sunan garinku irin wannan bincike.

Kada wani ya ɗauka hira ce kawai ta cika dare. A ƙasarmu, labarin wanda ya sari gari shi ne hujjar gidan da ke riƙe da sarauta, kuma shi ake jawowa idan rigimar fadama ko burtali ta taso. Idan ka rubuta labarin suna ba daidai ba, jikokin wani za su ɗauke shi hujja gobe.

Sunayen garuruwanmu ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. Wani daga kasuwa ne, kamar Talatar Mafara, inda ranar cin kasuwa ta manne wa garin. Wani daga ruwa ne, kamar Kaduna, wadda ta ɗauki sunan kogin da take bakinsa. Wani daga mutum ne: tarihin Gobir ya ce an gina Alƙalawa a gonar alƙalin Zamfara, shi ya sa sunan ya bi ta. Wani kuma daga abin da ya faru ne, kamar Sabon Birni, wanda sunansa kaɗai ya gaya maka akwai tsohon da aka baro. Waɗannan masu sauƙi ne, domin kalmar tana nan a fili. Wahalar tana ga sunan da ma'anarsa ta ɓace. Nan ne mutane ke ƙaga labari don su cike giɓin, labarin ya yi daɗi, ya bi gari, har ya shiga littafi.

To bari mu ɗauki Sakkwato mu auna ta.

Abu na farko da na yi shi ne neman rubutu mafi tsufa da ya yi bayanin sunan. Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga labarin tafiyarsa a 1826. Da ya zo kan sunan garin, bai ce kasuwa ba. Cewa ya yi ma'anarsa wurin yada zango. Ka gani ko? Mutumin da ya zauna cikin garin shekara 15 kacal bayan an yi masa ganuwa, ya yi hira da Bello kansa, wani bayani daban ya kawo. Wannan bai sa Clapperton ya zama mai gaskiya ba, don baƙo ne, kuma ko shekarar gina garin ya kai ta wajen 1805, alhali masana sun tsaya a kan 1809. Amma ya nuna mana cewa maganar kasuwa ba ita kaɗai ce a fage ba.

Abu na biyu, na tambayi kaina: sunan ne ya riga abin da aka ce ya haife shi, ko abin ne ya riga sunan? Bello ya gina birnin a 1809. Shehu Usmanu yana Sifawa, a nan ƙasar Boɗinga, sai a 1815 ya koma Sakkwato, ya rasu a can a 1817. Sai dai masana tarihin jihadi sun ambaci Sakkwato tun a 1804, a matsayin wurin da jama'ar Shehu suka sauka bayan yaƙin Tabkin Kwatto. Ke nan wurin yana nan tun kafin a yi birni, kafin babbar kasuwar da ta ja fatake daga ko'ina. Duk mai cewa kasuwa ce ta ba da sunan, sai ya nuna mana kasuwar da ke wurin kafin 1804. A nan ma akwai taka-tsantsan: marubuci yakan kira wuri da sunan da ya san shi da shi lokacin da yake rubutu, ba sunan da yake da shi lokacin da abin ya faru ba. Don haka ka duba shekarar abin, ka kuma duba shekarar littafin.

Abu na uku shi ne harshe. Ita kalmar suƙ ta shigo Hausa, amma masana harshe sun nuna ta Barno ta biyo: Barebari suka ce kasugu, mu muka ce kasuwa. Bafillace kuwa luumo yake cewa. To wane ne zai bar kasuwa, ya bar luumo, ya ɗauko Larabci ya raɗa wa ƙaramin ƙauye? Kuma ko mun yarda, suƙ ta ba mu farkon sunan ne kawai, rabin na baya yana nan ba mai shi. Tambayar dattijon nan ke nan. Sannan ka lura, da rubutun Turawa "Sokoto" ne kamannin ya fi fitowa, alhali mu Sakkwato muke cewa. Bayanin da ya fi dacewa da bakin baƙo fiye da bakin masu gari, ka yi hattara da shi.

Bayan awon nan uku, na daina cewa Sakkwato daga suƙ ta fito. Yanzu cewa nake yi: akwai masu faɗar haka, ga raunin maganarsu, ga kuma abin da aka rubuta tun 1826.

Mu dawo gida, Shagari. Labarin da ke bakin mutane shi ne "sha gari", wai wasu matafiya ne suka sauka aka dama musu garin hatsi suka sha. Yaya za ka auna wannan? Da kunne za ka fara. A Hausa, gari na hatsi ana jan wasalinsa na farko, gari na zama kuwa ba a ja. Rubutun boko bai raba su ba, amma ajami yakan raba, don yana sa alif inda aka ja. Saboda haka ka kunna rikoda ta waya, ka sa tsofaffi su faɗi sunan cikin magana, ba tare da ka riga su faɗa ba. Idan ka samu tsohuwar wasiƙa ta ajami mai ɗauke da sunan, ka duba inda alif ya faɗa. Idan furuci ya dace da labarin, labarin ya tsallake mataki ɗaya. Idan bai dace ba, ya faɗi tun a nan.

Sai lissafin zamani. Marigayi Shugaban Ƙasa Shehu Shagari an haife shi a 1925, kuma tarihin gidansu ya ce kakan mahaifinsa, Ahmadu Rufa'i, shi ya kafa garin. Daga shi zuwa Ahmadu Rufa'i haihuwa uku ce. Idan ka ba kowace haihuwa shekara 30, ka koma 1835. Idan ka ba ta 40, tunda iyayenmu sukan haihu har cikin tsufa, ka koma 1805. Wannan ƙiyasin haihuwar mai kafa garin ne, don haka kafa garin zai faɗo bayan jihadi. Duk wanda ya zo maka da labarin sunan da ya kai shi zamanin Kanta na Kabi, ka ce masa ko dai akwai tsohon mazauni a wurin kafin wannan gida, ko kuwa labarin ya zarce.

Wani darasin kuma daga Shagari: garin bai ɗauki sunan wanda ya kafa shi ba, shugaban ne ya ɗauki sunan garin, kamar yadda Malam Aminu ya zama Aminu Kano. Nan da shekara ɗari wani yaro zai iya rantsuwa cewa don shugaban ƙasa aka sa wa garin suna. Kullum ka tambaya: wa ya ari sunan wa?

Haka kamannin suna yake ruɗin mutane. Ka rubuta Mandera a waya, abin da zai fara fito maka shi ne wani gari a Kenya, can kan iyaka da Somaliya da Habasha. Akwai kuma duwatsun Mandara tsakanin Nijeriya da Kamaru. Kama da wane ba ta wane. Kafin ka ce mutanen nan daga can suka zo, sai ka samu wata shaida banda sunan: zuri'a, tsagen fuska, taken sarauta ko hanyar da suka biyo.

Idan za ka fita tambaya, kada ka tara dattawa a zauren hakimi, don kowa zai bi bakin babba ne. Ka same su ɗaya-ɗaya, daga gidaje daban: gidan sarauta, gidan liman, gidan maƙera, da rugar da ke gefen gari, domin sau da yawa Fulani suna da nasu sunan na wurin. Kada ka manta da tsofaffin mata. Kowa ka tambaye shi: "Baba, daga bakin wa kuka ji?" Idan ya ce kakansa, ka rubuta. Idan ya ce a rediyo, ka gane littafi ne ya zagayo ya dawo maka, ba sabuwar shaida ba ce.

Daga nan sai takardu. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. A Kaduna akwai Gidan Arewa da gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi bayan 1903 suke. Ka nemi sunan garinku da rubutu iri-iri, don Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Kuma ka tuna, shi ma hakimi ya tambaya ta bakin tafinta.

Wanda duk ya samo labarin sunan garinsu, ya turo mana tare da bayanin irin mutumin da ya ba shi da kuma daga wa shi ma ya ji. Dattijon da ya yi mini waccan tambaya ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ban samu na ɗauki muryarsa ba. Ku je wurin naku tun suna nan.