Nutsewar yara a kududdufi, kogi da rijiya: yadda ake ganewa da yadda ake ceto

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu sanadiyyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Yaron da ruwa ke ci ba kasafai yake ihu ba, domin numfashi yake nema. Akan gan shi a tsaye cikin ruwan, kansa ya karkata baya, bakinsa yana nitsewa yana fitowa, ba ya gaba ba ya baya. Cikin ƙasa da minti ɗaya zai iya ɓacewa. Shi ya sa barin ƙaramin yaro a hannun yayarsa mai shekara bakwai ba tsaro ba ne. Babba ake buƙata, kusa da shi yadda hannu zai kai.

Kududdufin da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini ya fi yaudara. Da damina gefensa kan yi santsi, kuma daga ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai rami.

Idan yaro ya zame a irin wannan wuri, kada mai ceto ya faɗa ruwan, domin wanda ke nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya kusance shi su nitse tare. A yi kururuwar neman taimako, a sa wani ya kira 112 ko jami'an kashe gobara. Mai ceto ya kwanta rub da ciki a bakin ruwan, ya miƙa gora ko zane. Idan da nisa, ya jefa jarka marar komai wadda aka rufe bakinta gam, an ɗaura mata igiya, sannan ya jawo a hankali. Idan a kogi ne, a jefa ta inda ruwan zai kai yaron.

Rijiya kuwa maganinta murfi mai kwaɗo da ginin baki. Ƙasan rijiya mai zurfi kan rasa iskar shaƙa, har wanda ya sauka ceto ya suma. Kada kowa ya shiga ba da igiya a jikinsa da masu riƙe ta a sama ba.

Bayan an fito da yaro, idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau biyar. Sai a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa har taimako ya iso. Matsa ciki ko juya yaro kai ƙasa don fitar da ruwa ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya shiga huhu. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti, domin matsalar numfashi kan bayyana bayan wasu sa'o'i.