Injekta

injekta (suna, mace) Bututun da ke fesa fetur cikin injin mota da matsi, bisa umarnin kwamfutar injin. Ita ce ta gaji kafireta, wadda ke barin iskar da injin ke zuƙa ta ratsa matsattsen maƙogwaro, ta janyo mai da kanta. Awon kafireta kan kauce idan injin ya yi sanyi, ko aka hau tudu inda iska ba ta da kauri. Kwamfuta kuwa tana auna iskar da ta shiga da hayaƙin salansa, sannan ta daidaita daɗewar feshin, domin kilo 14.7 na iska ya haɗu da kilo 1 na fetur. Dokokin rage hayaƙi ne suka kori kafireta daga sababbin motocin Amurka wajen 1990. *Misali:* Injekta ta toshe, shi ya sa motar ke shaƙewa.