Yadda kontar ruwa ke tona asirin yoyon da ido ba ya gani

Idan faktir ɗin ruwa na hawa wata bayan wata, alhali mutanen gida ba su ƙaru ba kuma ba a ga jiƙa ko'ina ba, sau da yawa ruwan na zuba ne a ɓoye. A ƙasa mai rairayi, tiyon da ya tsage na iya yin watanni yana yoyo, ƙasa na shanyewa, tsakar gida na nan a bushe. Amma duk ruwan da ya shiga gida sai ya bi ta kontar, saboda haka a can ake fara bincike.

A fuskar kontar akwai lambobi iri biyu. Baƙaƙen na ƙidaya metir kib, kowane ɗaya lita 1000, kuma su ne ake rubutawa a faktir. Jajayen, ko ƙananan allurai a wasu kontar, na ƙidaya abin da bai kai metir kib ba. Inda jajayen suka zama uku, lita suke nunawa kai tsaye. Yawancin kontar suna da wani ɗan faifai ko tauraro da ke juyawa ko da ruwan da ke wucewa kaɗan ne.

Da farko a gwada lambar da ke kan faktir da wadda ke kan kontar. In ta faktir ta fi ta kontar yawa, kuskuren karatu ne ko ƙiyasi aka yi, sai a ɗauki hoton kontar a nufi ofishin kamfanin ruwa, wato NDE da ya gaji SEEN. In lambobin na tafiya tare, ruwan ya wuce da gaske.

Sai gwajin dare. A rufe dukan robine, a rubuta lambobin duka har da jajaye kafin kwanciya, kar kowa ya taɓa ruwa, a sake karantawa da asuba. Ruwan alwala da na banɗaki a tara shi a bokiti tun da yamma. A ce gida ya karanta 482,315 da ƙarfe 10 na dare, ya tarar da 482,555 da ƙarfe 6 na safe. Lita 240 ke nan cikin awa 8, wato 30 a kowace awa, 720 a rana, 21.600 a wata. Hakan ya haura metir kib 21, daidai da tano 108 masu lita 200. Ƙarfin ruwa yakan ƙaru da dare, don haka lissafin na iya ɗara gaskiya kaɗan. Tun da kuɗin ruwa hawa-hawa ne, yoyon na tura gidan matakin da ya fi tsada, shi ya sa kuɗin ke tashi fiye da yadda ruwan ya ƙaru.

Abu biyu kan ɓata wannan gwaji. A unguwannin da ake yawan ɗauke ruwa, kamar yadda mutanen Damagaram suka sani, iskar da ke cikin tiyo na iya juya kontar lokacin da ruwa ya dawo, don haka a zaɓi daren da ruwa bai yanke ba. Gidan da ke da tanki a sama kuma, a rufe hanyar da ke cika shi, in ba haka ba za a ɗauki cikarsa a matsayin yoyo.

In an tabbatar akwai yoyo, sai neman wurinsa. A rufe babban makullin da ke bayan kontar, ta ɓangaren gida. In tauraron ya tsaya, yoyon yana gaba da makullin. In bai tsaya ba, ko dai mahaɗar da ke tsakanin kontar da makullin ce ke zuba, ko makullin ba ya rufuwa sosai. Daga nan a buɗe shi, a riƙa rufe ƙananan makullai ɗaya bayan ɗaya, na banɗaki, na madafa, na robinen tsakar gida, ana duba tauraron kowane lokaci. Reshen da rufe shi ya tsayar da tauraron, nan matsalar take.

Masai na zamani ya cancanci a fara zarginsa, domin ruwansa na silalewa cikin rami ba tare da ƙara ba. A ɗiga shuɗin wanki a tankinsa, a bar shi minti 30 ba a ja ba. In launin ya bayyana a kwanon, robar ƙasan tankin ta lalace, kuma canza ta ba shi da tsada. In ruwa na kwarara ta bututun ambaliya, fulotar ce ba ta tsayar da shi. Haka tankin sama ke yi in fulotarsa ta mutu, yakan yi ta zuba cikin dare.

In duk waɗannan lafiya suke, saura tiyon da ke binne. A bi layinsa ana neman ciyawar da ta yi kore cikin rani, ƙasar da ta lotsa, ko gindin bango mai damshi da farin gishiri. In layin tsoho ne, sau da yawa shimfiɗa sabon tiyo ta wata hanya ya fi fasa siminti ana lalube arha. Gyaran duk abin da ke bayan kontar na kan mai gida, amma kontar kanta da hatiminta na kamfani ne, mai gyaran famfo ba ya taɓa su. Bayan gyara a maimaita gwajin dare, lambar asuba ta zama daidai da ta daren jiya.