Katin wuta da datar bogi: yadda damfarar ke aiki da yadda ake gane ta kafin a biya

Katin wuta, wanda wasu ke kira tokin, jerin lambobi 20 ne da na'urar kamfanin rarraba wutar lantarki ke fitarwa a daidai lokacin da aka biya kuɗi. Ba kaya ba ne da ake saro wa a ajiye a shago. Na'urar kan haɗa lambar mitar mai saye da yawan yunit ɗin da ya biya da kuma lokacin da aka yi cinikin, ta kulle su da wani mabuɗi na sirri da ke cikin wannan mitar kaɗai. Saboda haka katin da aka fitar wa mitar wani gida a Kurna ba zai shiga mitar maƙwabcinsa ba, balle ta wani a Sakkwato. Kuma da zarar mita ta karɓi kati, takan riƙe shaidarsa, ba za ta sake karɓarsa ba.

Wannan tsari shi ne ke tona asirin masu tallar "wuta mai rahusa" a WhatsApp da Facebook. Duk wanda ya ce yana da ragowar kati a hannu, ko yana da ɗan'uwa a kamfani da ke fitar masa da su a rabin farashi, yana faɗin abin da mita ba ta yarda da shi ba. Abin da yawanci yakan turo bayan an biya shi ne lambobi 20 da ya ƙirƙira da ka, ko tsohon katin wata mita. Idan aka danna su, allon mitar zai nuna `Reject` ko makamancinsa. Idan kuwa katin da aka taɓa lodawa a mitar ne, sai ya nuna `Used`. Kafin mai saye ya koma neman ba'asi, an riga an toshe lambarsa.

Lissafi ma kan kama su. A ɗauki misalin wani tela a Kano da ke kan layin rukunin A, a farashin naira 209.5 kowane yunit, wanda aka fara aiki da shi a watan Yulin 2024. Idan ya biya naira 10,000, za a fara cire harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari, ragowar ya zama kusan naira 9,302. Idan aka raba wannan da 209.5, zai samu yunit 44 da ɗoriya kaɗan. To, sai ga wani ya yi masa tayin yunit 100 a kan naira 10,000 ɗin nan, alhali kuɗinsu na gaskiya ya haura naira 22,500. Dillalin halal ɗan kamisho yake samu a kan kowane ciniki, ba shi da inda zai ciro giɓin naira 12,500 ya cike wa baƙon da bai taɓa gani ba. Akan samu lokacin da irin wannan kati ya shiga, musamman a cinikin farko na ƙaramin kuɗi. Wannan tarko ne: ko dai ɗan damfarar ya saya da kuɗinsa domin a amince a turo mai yawa, ko kuma ya biya da katin bankin wani da aka sace, kuma lambar mitar telan ce za ta fito a bincike.

Akwai kuma kuskuren da ake yi ta ɗaya ɓangaren. Wani kan sayi kati a wurin da ya dace, ya ga yunit bai kai yadda ya saba ba, ya ɗauka an cuce shi. Sau da yawa bashin baya ne kamfani ya cire wani kaso nasa, ko kuma an sauya wa layinsu rukuni. Rasit na gaskiya kan nuna waɗannan dalla-dalla: sunan mai mita, lambar mita, farashin yunit, haraji, da abin da aka cire na bashi. Rasit ɗin da babu komai a kansa sai lambobi 20 da tambarin kamfani, hoto ne kawai.

Matakin da ya fi kowane kare mai saye shi ne tantance suna. A manhajar banki, ko a shafin kamfanin rarraba wuta na yankin, kamar KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, ko Kaduna Electric a Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ko a wurin mai POS da ke da rajistar dillanci, ana fara sa lambar mita, sai sunan da aka yi rajistar mitar da shi ya bayyana kafin kuɗi su fita. Idan sunan bai fito ba, ko ya fito na wani daban, a nan ake tsayawa. Mai cewa a fara tura kuɗi asusunsa na ƙashin kansa, kati zai biyo baya, ya tsallake wannan mataki ne da gangan. Haka nan lambobin sauya mabuɗin mita, waɗanda aka yi ta rabawa gabanin wa'adin 24 ga Nuwamban 2024, kyauta ne daga kamfani. Wanda ya nemi kuɗi a kansu ya ci haram.

Lamarin data ya ɗan bambanta, domin ita ana iya tura ta daga layi zuwa layi, kuma akwai matasa da dama da ke sana'ar sayar da ita tsakani da Allah, suna saro wa da yawa su sayar a farashi ƙasa da na kamfani kaɗan. Don haka sauƙin farashi shi kaɗai ba hujja ba ne. Inda 'yan damfara ke shiga shi ne saƙon tes: sukan kwaikwayi saƙon kamfanin sadarwa cewa an zuba gigabait kaza, mai saye ya gani ya biya. Wasu kuma kan karɓi wayar mutum "domin su sa masa", su ranto masa data daga kamfani da sunan layinsa, su karɓi kuɗi, bashin ya fita daga katin da zai loda a gaba. Saƙo ba shaida ba ne. Abin da layi ya nuna shi ne shaida. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobi a dukkan layukan Najeriya: `*323#` na duba ragowar data, `*310#` na duba kuɗin kira, `*312#` na sayen data kai tsaye daga kamfani, `*303#` kuma na rance. Danna `*323#` kafin ciniki da bayansa ya isa ya nuna ko wani abu ya shiga. A duba har da ranar ƙarewa, domin akan sayar wa mutum datar kwana ɗaya da sunan ta wata guda.

Wata tsohuwar dabara da har yanzu take ci ita ce ta "na yi kuskuren tura maka kati". Saƙon bogi zai shigo, sai kira ya biyo baya da murya mai ban tausayi ana roƙon a mayar. `*310#` kan warware zancen nan take.

Mafi muni a cikinsu su ne shafukan bogi masu sunan sashen kula da abokan ciniki. Mutum zai rubuta ƙorafi a Facebook cewa katinsa bai fito ba, sai wani shafi mai tambarin kamfani ya tuntuɓe shi, ya nemi lambar katin cirar kuɗinsa da lambar sirri ta wucin gadi da banki ya turo, wai domin a mayar masa da kuɗi. A nan ba naira 10,000 ake asara ba, asusun gaba ɗaya ake kwashewa. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi.

Wanda aka riga aka damfara, bankinsa ne wurin zuwa na farko, kuma cikin gaggawa, da lambar cinikin da asusun da kuɗin suka shiga, ko a samu a tsayar da su kafin a cire. Sannan rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Idan kuwa a hanyar halal aka biya amma kati bai fito ba, ƙorafi kan fara daga ofishin kamfanin rarraba wuta, in bai warware ba a wuce zauren sauraron ƙorafi na hukumar NERC, ko hukumar lantarki ta jiha a jihohin da suka karɓi ragamar. Na data da katin waya kuma, 300 ce lambar kamfanin layi, 622 kuma ta NCC, wadda ake kira kyauta bayan kamfanin ya gaza warwarewa.